Wasiƙa Zuwa ga Shugaban Gidan Tarihi na Ƙasa, Kaduna

Birnin Zariya,
Jihar Kaduna.
17 ga Fabrairu, 2025.

Zuwa ga Shugaba,
Gidan Tarihi na Ƙasa,
Titin Ali Akilu, Kaduna.

Ranka ya daɗe,

NEMAN BAYANI KAN WANI ABU NA YUMƁU DA AKA TONO KUSA DA KUFENA

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukkan ma'aikatanku. Ni malami ne, ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare ta gwamnati a nan Zariya, bana shekarata goma sha huɗu ke nan ina riƙe da alli. Na haɗo da hotuna guda shida a cikin wannan ambulan, na rubuta lamba a bayan kowanne, kuma a kansu nake neman taimakonka.

Ga yadda abin ya zo hannuna. A cikin watan jiya wata ɗalibata ta aji uku ta shigo ofishin malamai riƙe da wani abu naɗe a buhun taki, ta ce babanta ne ya ce ta kawo mini tunda ni ne mai ba su labarin mutanen da. Yana haƙar ƙasar tubali a gefen gonarsa, yamma da gari, inda kana tsaye kana hangen dutsen Kufena sosai, sai diga ta bugi wani abu mai tauri. Ramin bai wuce gwiwa ba a lokacin. Ya ɗauka dutse ne, da ya ɓanɓaro sai ya ga abu mai rami.

Hoto na 1 shi ne abin gaba ɗayansa, kwance a kan teburina, na ajiye rula a gefensa. Gasasshen yumɓu ne, dogo, mai rami daga wannan baki zuwa wancan kamar bututu. Tsawonsa santimita 31, kaurinsa a tsakiya santimita 9, faɗin ramin kuwa bai kai santimita 3 cikakku ba. Ka ga ke nan jikin yana da kauri ƙwarai, ramin ɗan kaɗan ne. Na kai shi wajen mai nama a bakin makaranta ya ɗora mini a sikeli, ya ba da kilo biyu da ɗan ɗori. Gefe ɗaya a karye yake, kuma tsohuwar karaya ce, don ƙasa ta riga ta cinye bakin ta yi masa laushi. Tabon digar daban yake, sabo fil, za ka gan shi a hoto na 2.

A wannan tabon ne na ga cikin yumɓun. Ba irin na tukunya ba ne mai laushi. Garas-garas yake, da tsakuwoyi farare ƙanana, da shacin wani abu siriri kamar ƙaiƙayi ko yankakkiyar ciyawa da aka kwaɓa da shi ta ƙone ta bar gurbinta. Cikin ramin kuwa sumul, a miƙe, kamar an naɗa yumɓun a jikin sanda aka zare ta kafin ya bushe.

Ɗaya bakin shi ne ya hana ni barci, kuma shi na ɗauka a hoto na 3 da na 4. Daga tsakiya yumɓun ja ne, sai ya koma ruwan toka, sai baƙi, kana kaiwa kamar santimita shida na ƙarshe kuma sai ya zama wani abu daban. Ya narke. Ya yi ƙyalli kamar fasasshiyar kwalba, baƙi mai ratsin kore idan rana ta haska shi, da 'yan ƙananan ramuka kamar kumfar da ta daskare. Wani sashe ya zubo ta ƙasa ya sandare, kai ka ce kakin zuma ne ya tsiyaya, har ya toshe kusan rabin ramin. Na ciro maganaɗisu daga wata tsohuwar sifika na kanga: a jikin jan yumɓun ba ya kamawa ko kaɗan, amma a wurin baƙin nan ina jin yana ɗan ja, ba da ƙarfi ba. Wutar murhu ba ta yi wa yumɓu haka, wannan ko matan da ke girki sun shaida mini.

Hoto na 5 ban sani ba ko zai fito maka da kyau, don da waya na ɗauka. Akwai shacin yatsu huɗu a jere a bayan abin, da na babban yatsa a ɗaya gefen, inda wanda ya gina shi ya matse yumɓun yana ɗanye. Da yara suka watse na sa hannuna a wurin. Yatsuna sun zauna daidai, sai dai nasa sun fi nawa kauri kaɗan. Na daɗe a zaune a haka, wallahi. Shekara goma sha huɗu ina koyar da sunayen sarakuna da shekarun sarautarsu, ban taɓa riƙe abin da hannun talakan wancan zamani ya taɓa ba sai ranar.

Dole in faɗi wani kuskure da aka yi, don kada ya ɓata muku lissafi. Kafin abin ya iso gare ni mahaifiyar yarinyar ta wanke shi da ruwa da soso, ta kuma zura kara ta fitar da ƙasar da ke cikin ramin, wai don kada a kai wa malam abu da datti. Niyyarta kyakkyawa ce. Ni ma da na karɓa na goge bakin da tsumma, daga baya ne na karanta cewa ƙasar da ke jikin irin waɗannan abubuwa ita ma shaida ce. Tun daga ranar ba a ƙara sa masa ruwa ba.

Na yi tambaya iya gwargwado kafin in dame ka. Yara dai sun gama yanke hukunci: kayan Sarauniya Amina ne. A Zazzau duk abin da ya fito daga ƙasa nata ne, kamar yadda kowace tsohuwar ganuwa ake ce mata ganuwar Amina. Wani abokin aikina ya ce indararo ne na tsohon soro, amma ramin ya yi ƙanƙanta, ruwan Agusta ba zai bi ta nan ba, kuma me zai ƙona indararo har ya narke? Wani dattijo ya ce lofe ne na mutanen da, wai su dogaye ne, komai nasu babba. Na girmama shi, amma babu kokon zuba taba a jiki. Akwai kuma wanda ya ce kayan Nok ne, in ɓoye, kuɗi ne. Na san Nok tana kudancin jiharmu, na san labarin gumakan yumɓu da aka fara cin karo da su wajen haƙar kuza a 1928, da aikin da Bernard Fagg ya yi a kansu har aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Amma wannan ba shi da fuska, ba shi da ado ko layi ɗaya. Abin aiki ne.

Wanda maganarsa ta fi shiga raina wani tsohon maƙeri ne a cikin birni. Ya juya shi a hannu, ya leƙa ramin, ya shinshina, sannan ya nuna mini ɗan yumɓun da ke gaban zugazuginsa, wanda iska ke bi ta ciki ta shiga gawayi. Ya ce ɗan'uwansa ne, sai dai nasu gajere ne, wannan ya fi ƙarfin maƙera. Ya ce kakansa ya ba shi labarin masu dafa tama a daji, waɗanda suke gina rahoniya ta ƙasa su cika ta da gawayi da dutsen tama, su kwana suna ba ta wuta har ƙarfe ya taru a gindi, maƙera su saya su yi fartanya da gatari da mashi. A cewarsa sana'ar ta mutu ne bayan jirgin ƙasa ya iso, ƙarfen Turawa ya wadata ya yi araha. Wannan ya yi daidai da abin da na sani, tunda layin dogo ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911.

Bayan na bar wurinsa na je gonar da kaina ranar Asabar. Hoto na 6 daga can ne. A kewayen ramin, fili kamar girman aji ɗaya, ƙasar baƙa ce, ba ja irin ta sauran gonar ba, kuma cike take da wasu baƙaƙen dunƙule masu nauyi masu ramuka, irin wanda maƙera ke kira kashin ƙarfe. Mai gonar ya ce tun yana yaro suke tsince su suna tarawa a kan iyaka don suna cinye bakin garma, ba wanda ya taɓa tambayar mene ne. Na ga gutsattsarin yumɓu masu lanƙwasa guda uku a bangon ramin, da baƙin layi kamar na gawayi. Ban taɓa ko ɗaya ba.

To, ranka ya daɗe, zatona ya karkata ga cewa bakin iska ne na wurin narka tama, musamman da yake na karanta cewa masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello sun haƙo irin waɗannan wurare a yankin Samaru a shekarun 1970. Amma zato ba ilimi ba ne, kuma yara sittin da uku suna jiran amsa daga bakina. Ba na so in tsaya gabansu in faɗi abin da zan dawo in warware. Mene ne wannan abu, kuma yaya ake amfani da shi? In har na narka tama ne, da zugazugi ake hura masa iska, ko jera su ake yi a gindin ginin iska ta shiga da kanta? Abin da yaran suka fi matsa mini a kai shi ne shekarunsa. Ya girmi zamanin Bakwa Turunku da Amina, wato ƙarni na 16, ko na baya-bayan nan ne, zamanin kakan maƙerin nan? Na ji ana auna shekaru da gawayi, shi ya sa na hana kowa taɓa baƙin layin nan.

Sai maganar haƙƙi. Na san doka ta ɗora kula da irin waɗannan kaya a wuyan hukumarku, kuma ba ni da niyyar riƙe abin da ba nawa ba. Mai gonar ma ya ce ba ya son ko kwabo, duk da wani baƙo ya riga ya zo ya taya. In kun ce a kawo, ni da kaina zan hau mota in kawo Kaduna. Roƙona kawai, in da hali, ku bar mu da shi zuwa ƙarshen wannan zango, ko ku ba mu bayani a rubuce da Hausa wanda zan manna a bangon aji kusa da hotunan. Yanzu yana cikin kwali, naɗe da tsohon zane, a kabad ɗin shugaban makaranta a kulle. In akwai yadda ya fi dacewa a ajiye shi, a sanar da ni.

Abu ɗaya ne ke da gaggawa. Bawan Allahn nan ya dakatar da haƙar tubalinsa saboda na roƙe shi, alhali ɗaki yake son ginawa ɗansa kafin damina. Ya yi mini alkawarin zai jira zuwa bayan ƙaramar Salla. Daga nan ba ni da bakin sake roƙonsa, kuma ruwa na sauka a watan Mayu ramin zai cika, garma ta bi ta kai. In akwai wanda za ku turo ya duba wurin kafin lokacin, ko ku haɗa ni da wanda ya dace a jami'a a nan Samaru, zan kai shi har gonar a kan babur ɗina, ko wace rana ce.

Ana iya ba da amsa ta hannun wanda ya kawo wannan takarda, ƙanena ne, yana aiki a Kaduna kuma yana zuwa gida duk Juma'a.

Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri. Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Tanimu,
Malamin Tarihi, Zariya.