Takardar Wakilci Kan Gidan Gado da Ke Kumasi

Mu, Musa Sule, Hadiza Sule da Rabi'atu Sule, 'ya'ya kuma magadan marigayi Alhaji Sule, Allah ya jiƙansa, mazauna Najeriya, cikin hankalinmu kuma ba tare da tilas ba, mun naɗa yayanmu Malam Ibrahim Sule, mazaunin Kumasi a ƙasar Ghana, ya zama wakilinmu a kan kasonmu na gidan da mahaifinmu ya bari a unguwar Aboabo, mai ɗakuna 12 da shaguna 3 a bakin titi.

Mun ba shi ikon karɓar kuɗin haya da bayar da rasit, da sabunta yarjejeniya da 'yan haya, da biyan haraji da kuɗin ruwa da wuta, da yin gyaran da gidan yake buƙata, musamman rufin ɓangaren baya wanda yake yoyo tun daminar bara. Haka kuma zai tsaya a madadinmu a gaban kotu da Hukumar Filaye ta Ghana, ya ɗauki lauya idan hali ya kama, ya sa hannu a duk takardar da mu da kanmu za mu iya sa wa hannu.

Game da sayarwa kuwa, mun yarda ya sayar da gidan, amma sai ƙwararren mai ƙiyasta darajar gidaje ya yi masa kuɗi a rubuce, kuma ba za a sallama shi ƙasa da wannan ƙiyasi ba. Kafin a karɓi ko da kafin alƙalami ne, wajibi ne ya aiko mana da sunan mai saye da tayin da ya yi, ya kuma sami amincewarmu mu ukun a rubuce. Ɗakin da Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, take ciki ba na haya ba ne, kuma ba za a miƙa gidan ga kowa ba sai an sama mata wurin zaman da ta yarda da shi, domin amana ce da mahaifinmu ya bar mana.

Wakili ba shi da ikon jinginar da gidan, ko bayar da shi kyauta, ko saye wa kansa, ko wakilta wani a madadinsa. Kuɗin da ya shigo zai ajiye su a asusun banki na daban, ya aiko mana da lissafi duk bayan wata 6.

Wannan wakilci yana ƙarƙashin Dokar Wakilci ta Ghana ta 1998, kuma zai yi aiki na shekara 2 daga ranar sa hannu, sai dai idan mun soke shi a rubuce kafin nan.

An sa hannu yau 14 ga Maris, 2025, a gaban lauya mai hatimin tabbatar da takardu.

Masu wakiltarwa: Musa Sule, Hadiza Sule, Rabi'atu Sule

Shaidu: Malam Garba Isa, Malam Lawal Adamu