Jawabin Ɗaga Kofi a Walimar Cikar Nasiru Shekara 40

Assalamu alaikum jama'a. A ɗan ajiye cokula, ba zan daɗe ba. Sani, har da kai, cinyar kazar nan ba inda za ta.

Uwargida Maryam ce ta ce in tashi in faɗi alherin mijinta. Na ce Hajiya, in alherinsa kaɗai ake so ai ba sai na miƙe ba, a zaune ma zan gama. Amma tunda na riga na tashi, kuma ga zoɓo mai sanyi a hannuna, sai ku yi haƙuri ku ji duka.

An haifi mutumina a watan Agustan 1985, watan da Janar Babangida ya karɓi mulki. Hajiya Babba ga ta nan zaune, ita ta faɗa min da bakinta cewa sai da ya ƙara mako biyu a kan lissafin asibiti kafin ya ga damar fitowa. Wato tun daga ciki ya fara latti, ba mu muka ɓata shi ba.

Duk wanda ya taɓa jiran Nasiru ya san karatun. Kana Samaru, shi yana cikin birnin Zariya, ka kira shi. In ya ce "na wuce Ƙofar Doka", to wanka yake. In ya ce "ga ni a PZ, cunkoso ne", yana gaban madubi yana karya hula. In ya ce "na iso Kwangila", makullin mota yake nema, yana yi wa yara faɗa, makullin kuwa yana aljihunsa. Sai ka ji ya ce "fito mana, ina ƙofar gidanka", sannan ne za ka iya ɗora ruwan shayi, don yanzu ya baro gida. Motar kuma, wannan Fijo tasa, ba na son in yi maganarta a gaban abinci. Rabin ƙarfin ƙirjin da kuke gani a jikina wajen tura ta na same shi.

Ranar ɗaurin aurensa Allah ne ya rufa mana asiri, da yake wakili ake nema ba ango ba. An shafa fatiha, maroƙi ya gama shela, an raba goro da alewa, sai ga shi ya ɓullo cikin babbar riga yana tambayata, "An fara?"

Akwai kuma maganar 1996, wadda na riƙe a ciki tsawon shekaru. Daren da Najeriya ta buga da Brazil a gasar Olamfik ta Atlanta, muna yara, mun cika falon maƙwabcinmu mai talabijin. Da aka kai 3 da 1 ana cin mu, Nasiru ya ja tsaki ya ce an gama, ya tafi ya kwanta. Ikpeba ya rama ɗaya, Kanu ya farke, Kanu ya ƙara, aka tashi 4 da 3, unguwa ta kaure da ihu, shi yana minshari. Amma ku je majalisa ku ji yadda yake ba da labarin ƙwallon nan, har da miƙewa yana gwada yadda Kanu ya juya. Yaranka suna nan, Nasiru, gara su ji daga bakina.

To. Shekarar da Baba ya kwanta a asibitin Shika, wajen ƙarfe biyu na dare likita ya ce jini ake buƙata. Na kira mutumin nan, ya ce "ga ni nan". Wallahi har na fara neman wata lambar. Ban gama dubawa ba sai ga shi, ba hula, takalmi wari da wari, yana naɗe hannun riga. Ya ba da jinin, ya miƙe yana cewa ai ba komai ba ne, ya yanke jiki ya faɗi. Muka koma jinyar mutum biyu. Ya kwana a kan benci, da asuba shi ya kawo wa Innarmu koko da ƙosai. Har Baba ya bar duniya, Allah ya jiƙansa, in ya ce "ina ɗana?" sai na tsaya na ji da wa yake a cikinmu.

Saboda haka jama'a, a ɗaga kofuna, mai zoɓo da mai kunun aya. Nasiru, Allah ya ƙara shekaru masu albarka, ya ƙara lafiya da buɗi, ya raya maka zuri'a. Allah ya ƙara wa Maryam haƙuri, ya ba ta ladan jira. Allah ya musanya maka Fijon nan da mafi alheri, ko don bayanmu ya huta.

Ku ce amin, a sha. Kai kuma mai shekara 40, in an watse ka tsaya, akwai naira ɗari biyar ɗina tun muna aji uku.