Yaya, ga abin da na gani a kwamfutarki kafin a taɓa ta

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kin tashi lafiya, ya yara da aiki?

Kwamfutar da kika aiko jiya na zauna da ita har bayan sallar isha'i. Kin ce kawai in yi mata fomatin ta dawo sabuwa. Ban yi ba tukuna, don hanyoyin guda uku ne, kowacce da abin da take tafiya da shi, kuma aikin digirinki na biyu duk yana ciki. Gara ki karanta wannan ki ba ni izini da bakinki.

Ga abin da na tarar. Daga kunnawa zuwa lokacin da za a iya buɗe Word sai da ta ci kusan minti shida. Na danna Ctrl+Shift+Esc na shiga Task Manager, sai na ga layin Disk ya kafe a 100% ko ba a buɗe komai ba. Manhajoji 19 ne ke tashi tare da ita. Akwai masu maganin bairos har biyu suna ta karo da juna, ga wasannin yara, ga wata manhaja mai cewa tana ƙara gudu alhali talla kawai take turowa. Shekara biyar ke nan ba a taɓa sake mata Windows ba, kuma tun daga hannun mai ita na farko ta taho da wasu tarkacen.

Hanya ta farko ita ce a ɗora Windows a kan wadda ke ciki. Ana buɗe fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin girka Windows, daga cikin kwamfutar tana kunne, a danna setup.exe, a zaɓi Keep personal files and apps. Takardunki, hotuna, Office, SPSS, duk suna nan yadda kika bar su. Tsohuwar Windows tana komawa folda mai suna Windows.old, kuma akwai kwana 10 da mutum zai iya komawa baya idan bai ji daɗi ba. Na san wannan ce za ta fi kwanta miki a rai tunda ba a rasa komai. To amma nan ne matsalar take. Kamar a sake rufin ɗaki ne kayan ciki suna jibge: yoyo zai tsaya, amma wurin taka ƙafa ba zai ƙaru ba. Manhajojin nan 19 za su biyo ki. Wannan hanya maganin Windows ce da fayilolinta suka lalace, ko wadda ta ƙi karɓar sabuntawa. Na gwada taki da wannan umarnin:

```
sfc /scannow
```

Bai sami wata ɓarna ba. Ke nan Windows ɗin kanta lafiyarta ƙalau, kaya ne suka yi mata yawa.

Ta biyu ita ce wadda ke cikin Windows ɗin, Reset this PC. A taki mai Windows 10 tana Settings, Update & Security, sannan Recovery. Idan aka zaɓi Keep my files, takardu da hotuna za su tsira, amma duk manhajar da aka saka za ta tafi, sai dai ta bar miki jerin sunayensu a kan allo. Remove everything kuma sharewa take yi gaba ɗaya, ita ake yi idan za a sayar da kwamfuta. Za ta kuma tambaya ko Local reinstall ko Cloud download. Na biyun yana iya cin data fiye da 4GB, na farkon kuwa da fayilolin da ke ciki yake sake ginin. Ba ta buƙatar filash, ba ta buƙatar gwani. Da kina nesa babu mai taimaka miki, ita zan ce ki yi, kuma za ki ga sauƙi sosai.

Abin da ya hana ni tsayawa a nan shi ne faifan ajiyar. Naki HDD ne mai 500GB, irin mai juyawa da allura a ciki. Windows ta yanzu kullum tana karatu da rubutu a bayan fage, faifai mai juyawa ba ya iya bin ta. Ko an share komai, bayan wata biyu za ki sake kirana. Sannan batirinki ko rabin awa ba ya riƙewa, kuma a irin wannan faifai aikin yana iya ɗaukar sa'o'i. Idan aka ɗauke wuta yana tsaka, kwamfutar na iya ƙin tashi da takardunki a ciki.

Don haka shawarata ita ce ta uku, tare da ƙari ɗaya: mu sayi SSD, faifai mai sauri wanda ba ya juyawa, mai 256GB, in cire tsohon faifan, in zuba Windows sabuwa fil a kan sabon. Ana haɗa filash mai 8GB da Media Creation Tool na Microsoft, a tashi kwamfutar daga filash ɗin, a girka daga tushe. Babu tarkace ko ɗaya da zai tsallako. Abin da ya fi burge ni a wannan tsari shi ne ba za mu goge komai ba. Tsohon faifan zan sa shi a ɗan akwatinsa mai wayar USB, ya zama ma'ajiyarki. Duk abin da muka manta ba mu kwashe ba, yana nan sai ki jona ki ɗauka. Abin da kika tara duka bai kai 90GB ba, don haka 256GB zai ishe ki.

Tunda za a yi aikin, Windows 11 zan saka. Microsoft ta daina ba Windows 10 tallafin da ta saba tun 14 ga Oktoba 2025. Injin kwamfutarki Core i5-8250U ne, yana cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su, tana da na'urar tsaro ta TPM 2.0 da Windows 11 ke buƙata, da RAM 8GB, alhali 4GB ne mafi ƙarancin da ake nema. Lasisi ma ba sai an saya ba. Na duba, taki Pro ce mai lasisin da ke haɗe da na'urar, idan na saka Pro ta hau intanet za ta kunna kanta.

Wahalar wannan hanya ba zan ɓoye miki ba: komai sai an sake saka shi da hannu. Ga abin da nake buƙata daga wurinki kafin in kwance ko noti ɗaya:

Lambar lasisin SPSS da kika karɓa a makaranta. Idan babu ita, manhajar ba za ta buɗe a sabon faifan ba, ko da fayilolin bincikenki suna nan. Wannan ne ya fi damuna, ki nemo ta tun yau.

Imel da kalmar sirrin da kike shiga Office da su, da na Gmail. Na lura Chrome ne ke riƙe miki kalmomin sirri da yawa, kuma ba ki haɗa shi da asusunki ba. Ki zo mu haɗa tare, kada ki turo min su ta waya.

Babi na ɗaya zuwa na huɗu kuma ki bari in sa su a filash, ki kuma tura wa kanki ta imel, kafin komai. Faifan shekara biyar ba abin dogaro ba ne shi kaɗai.

Madannin Hausa da kike rubuta ɓ da ɗ da ƙ zan mayar miki da shi, da direban firintarki. Yara kuma zan buɗe musu nasu asusun daban wanda ba ya iya girka manhaja sai da izininki.

Idan kuɗin SSD bai samu ba a wannan watan, ki faɗa min kai tsaye. Sai in kwashe takardun, in yi Reset this PC da Keep my files a shago inda muke da sola, ki lallaɓa da ita har ki miƙa babi na biyar. Idan kuma kin amince, gobe Asabar zan biya Beirut Road in sayo, ranar Lahadi da la'asar in kawo miki ita gida.

Ki gaida Baban Amira da yara.

Ƙaninki