Rahoto Kan Cinikin Wata-wata: Janairu 2023 Zuwa Afrilu 2025

Zuwa ga Shugaban Kamfani, daga Sashen Lissafi

Ranka ya daɗe, an nemi mu bincika ko hauhawar cinikin da aka gani a rumbunmu na Kasuwar Singa ta isa hujjar kama rumbu na biyu. Amsarmu ita ce ciniki ya ƙaru, amma bai kai yadda alƙaluman Fabrairu suka nuna ba.

A Fabrairun 2025 kuɗin da ya shigo ya zarce na Fabrairun 2024 da kashi 41 cikin ɗari. Sai dai azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara: a 2024 an ɗauke shi ranar 11 ga Maris, a 2025 kuwa ranar 1 ga Maris, don haka sarin sukari, madara da man girki da 'yan tireda ke yi kafin ganin wata ya faɗo gaba ɗaya cikin Fabrairu, alhali a 2024 yawancinsa a Maris aka yi. Da muka haɗa Fabrairu, Maris da Afrilu na kowace shekara, ƙarin ya sauko zuwa kashi 29. Wannan ma a naira ne, kuma tsadar kaya ce ta kumbura shi. Da muka koma ƙirga katan da buhu, muka ɗauki matsakaicin watanni 12 a jere domin kowane lissafi ya ƙunshi azumi da sallolin biyu, sai muka ga an tashi daga 8,200 a wata zuwa 8,700, wato kusan kashi 6.

Domin gano tushen wannan ƙari, mun kasa abokan ciniki rukuni-rukuni bisa watan da kowa ya fara sari a wurinmu. Rukunin Maris 2024 shi ne mafi girma, mutum 120, amma bayan wata shida 22 kacal suka rage. Sauran kuwa kayan azumi suka zo nema, da aka yi salla suka watse. Rukunin Yuli 2024 kuwa, lokacin da damina ta rage zirga-zirga kuma muka fara kai kaya har ƙofar shago a Wudil da Gaya, mutum 45 ne, kuma 28 daga cikinsu suna sari duk wata har yanzu. Tsofaffin abokan cinikinmu ba su ƙara yawan abin da suke ɗauka ba, wasu ma sun koma ƙananan ƙunshi, abin da ya kamata sashen saye ya lura da shi.

Saboda haka muna ba da shawarar kada a kama rumbu na shekara guda. A yi hayar wuri na wata biyu daga tsakiyar Janairun 2026, tunda ana sa ran azumi mai zuwa cikin Fabrairu, sannan a ƙara zuwan mota hanyar Wudil. Za mu sake bin rukunin Maris 2025 a ƙarshen Satumba mu gabatar da sakamako.