Tunatarwa kan cikon kuɗin walimar 14 ga Disamba

Assalamu alaikum Hajiya, barka da yamma. Ya shirye-shiryen biki? Allah ya sanya albarka, ya kai mu ranar lafiya.

Ina tuntuɓarki ne game da ragowar kuɗin adon zaure da abincin walima ta ranar 14 ga Disamba. Kafin alƙalamin da kika bayar, rabin kuɗin aikin, ya shigo tun watan jiya, mun gode. Ɗaya rabin muke roƙon a kammala zuwa ranar 7 ga Disamba, a asusun da ke kan takardar yarjejeniyarmu. Idan wani ya aiko miki da wata lambar asusu da sunanmu, don Allah kada ki tura sai kin kira ni.

Dalilin sa mako guda shi ne masu hayar kujeru da janareto ba sa riƙe wa kowa rana sai an biya su gaba ɗaya, kuma a ƙarshen shekara kayan haya wuya suke yi. Idan aka makara, za a iya bai wa wani kujerunmu, mu koma nema a ƙurarren lokaci kan farashi mai tsada.

Lissafinmu na mutum 300 ne. In za a ƙara, a sanar da ni kafin ranar 7 ɗin, mu yi sabon lissafi. Bayan ta ba za mu iya rage adadi ba, domin an riga an yi sayayya. Idan kuɗin bai shigo ba har 9 ga wata, za mu dakatar da aiki, kuma kafin alƙalami ba ya dawowa, kamar yadda muka rubuta.

Da kin tura, ki aiko min da shaidar biya, in ba ki rasit a ranar.

Na gode ƙwarai, Hajiya. A gaida amarya.