Amanar fayil: takardar horo ga ma'aikatan ɗakin kati da na karɓar baƙi

Assalamu alaikum. Manufar kare bayanai ta asibitinmu shafi 14 ce, kuma aiki ba zai bar yawancinku ku karance ta ba, shi ya sa na tsamo muku abin da ya rataya a wuyanku. Tushenta Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ce ta shekarar 2023, wadda hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, ke sa ido a kanta. Dokar ta sa bayanan lafiya, addini da ƙabila cikin masu buƙatar tsaro na musamman.

Wajen buɗe kati. Ku tambayi abin da fom ya nema kawai, ku gaya wa majinyaci dalili. Kada a ɗaga murya ana maimaita lambar waya ko NIN a gaban layi. Wanda bai kai shekara 18 ba, iyaye ko mai riƙonsa ne za su sa hannu.

Mai tambaya daga waje. A nan na fi jin tsoro. Zariya gari ne na sanayya, daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari da wuya ka rasa wanda ya san wani naka. Miji zai zo neman sakamakon matarsa. Dangin ango za su so jin gwajin amarya. Wani dattijon unguwarku ne da ba kwa iya haɗa ido da shi. Ku gaishe shi da ladabi, ku ce: "Baba, a yi haƙuri, ba a ba mu ikon faɗa ba sai da izinin mai fayil." In ya matsa, ku turo shi ofishina, ni zan ɗauki nauyin. Magana ɗaya daga bakinmu tana iya kashe aure, kuma ba ta dawowa. Ku ma, fayil ɗin da aiki bai kawo gabanku ba, kada ku buɗe, ko na maƙwabciya ne kuna son sanin jikinta.

Mai fayil kuwa yana da haƙƙin ganin bayanansa da neman a gyara kuskure. Ku tabbatar shi ne, sannan ku ba shi fom.

Kwamfuta da takarda. Kowa da kalmar sirrinsa, ba aro. Za ka tashi salla, danna `Windows + L` don kulle kwamfutar. Ba a ɗaukar hoton sakamako a tura ta WhatsApp. Tsofaffin takardu a zuba su a akwatin da ke kulle don a ƙone, kada a wayi gari an ƙunshe ƙosai da sunan majinyacinmu.

In an yi kuskure. Fayil ya ɓace, ko saƙo ya tafi lambar da ba ita ba, ku sanar da ni nan take, ko da dare ne. Idan abin zai iya cutar da mai bayanan, awa 72 kacal doka ta ba asibiti ya kai rahoto ga NDPC daga lokacin da ya sani. Wanda ya faɗa da wuri za mu gyara tare, ɓoyewa ce ke kai mutum gaban kwamitin ladabtarwa.

Ku sa hannu a kwafi na biyu, ku miƙa wa shugaban ɗakin kati kafin ranar Alhamis.

Jami'ar kare bayanai