Jawabin Ma'aji Ga Ƙungiyar Adashen Matasan Fagge

Assalamu alaikum ƙannena. Dubu biyu muke zubawa kowace Juma'a, mu ashirin, kwasa ɗaya dubu arba'in ke nan. Wanda ya kai tasa kan shadda da sabuwar waya, ranar Sallah za a yaba, amma wata uku sai ka gan shi yana neman rance, don shadda ba ta haihuwa. Wanda ya sayi tunkiya ko ya ƙara jari a shago, ba mai lura da shi, alhali kuɗinsa na juyawa.

Mai kwasar ƙarshe zai jira mako ashirin. Ya daure. Abin da ke rusa adashe shi ne mutum ya kwashe ya daina zubi, shi ya sa daga yau kowa zai kawo mai tsaya masa kafin a damƙa masa kuɗi.